Ya yi wata 18 bai buga ba, ya dawo ya rasa maki 83: yadda Glicko ke lissafin mai dogon hutu

Lamarin ya shafi kulob ɗin wasan ces da ke lissafin makin 'yan wasansa da tsarin Glicko, yana rufe lissafi a ƙarshen kowane wata. Ɗan wasan da alƙalumansa misali ne da aka tsara domin kowane mataki ya fito fili, kuma duk mai na'urar lissafi zai iya bin sawu ya tabbatar.

Ɗan wasan ya daina zuwa yana da maki 1850. Bayan wata 18 ya dawo, ya buga wasa huɗu a watan farko: an doke shi sau biyu, ya yi canjaras ɗaya, ya ci ɗaya. Da jadawali ya fito sai ya ga 1767. Ƙorafinsa biyu ne. Na farko, a da irin wannan sakamakon bai wuce ya ci masa maki 20 ba. Na biyu, wanda ya fara doke shi maki 12 kacal ya ƙaru da su, to ina sauran suka tafi? Ƙorafi ne mai ma'ana, kuma amsarsa tana cikin lamba ta biyu da Glicko ke ajiye wa kowane ɗan wasa.

Lambar da ba a kallo

Tsarin Elo, wanda hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓa a 1970, lamba ɗaya yake ba mutum. Idan ya daina buga wasa, FIDE tana sa masa alamar ba ya wasa, amma makin yana nan inda ya bar shi. Mark Glickman, masanin ƙididdiga, ya fitar da Glicko a 1995 ya ƙara lamba ta biyu, wato RD. Ita ce ma'aunin shakkar da tsarin ke da ita kan makin. Ƙa'idar karanta ta mai sauƙi ce: a ninka RD sau biyu, a cire daga makin, a kuma ƙara masa, to akwai tabbacin kusan kashi 95 cikin ɗari cewa ainihin ƙarfin mutum yana tsakanin lambobin nan biyu. Sabon shiga yana farawa da 1500 da RD 350, wato ba a san komai a kansa ba. Ɗan wasanmu lokacin da ya tafi RD ɗinsa 50 ne, saboda haka an san shi tsakanin 1750 da 1950.

Wasa yana rage RD, zaman gida yana ƙara shi. Ga yadda yake ƙaruwa:

```
RD = min( sqrt(RD_old^2 + c^2 * t), 350 )
```

A nan t shi ne yawan zangunan lissafi, wato watanni a wannan kulob ɗin, da suka wuce tun wasansa na ƙarshe, c kuma lamba ce da mai kula da tsarin ke zaɓa. Kulob ɗin ya ɗauki 34.6, wadda ta zo a misalin Glickman kansa: idan ana so mai RD 50 ya koma kamar baƙo bayan zango 100, to c ninki kanta 1200 ce. Da wannan, bayan wata ɗaya RD ya zama 61, bayan wata shida 98, bayan shekara 130, bayan wata 18 kuma 155. Sai bayan shekara takwas da wata huɗu zai kai 350. A lura da yadda hawan yake: wata shidan farko sun ƙara 48, shida na biyu 32, na uku 25. Shakka tana saurin shigowa da wuri, sannan ta lafa.

Ranar da ya dawo, makinsa 1850 ne kamar yadda ya bari, amma iyakarsa ta buɗe daga 1540 zuwa 2160. Wannan shi ne abin da aka fi fahimta a karkace. Tsarin bai ce ya yi rauni ba. Ƙofa ya buɗe ta ɓangarorin biyu daidai wa daida, domin wanda ya yi wata 18 yana jinya da wanda ya yi wata 18 yana nazarin wasa a gida, duk shiru ɗaya suke yi a cikin rajista.

Wasanni huɗun

Na farko ya buga da mai 1700, RD 60, aka doke shi. Na biyu da mai 1800, RD 60, aka sake doke shi. Na uku da mai 1900, RD 60, canjaras. Na huɗu da mai 1600 wanda shi ma ba ya yawan zuwa, RD 200, ya ci.

Lissafin yana tafiya da waɗannan:

```
q    = ln(10)/400 = 0.0057565
g    = 1 / sqrt(1 + 3*q^2*RDj^2 / pi^2)
E    = 1 / (1 + 10^(-g*(r - rj)/400))
RD'  = 1 / sqrt(1/RD^2 + q^2 * sum(g^2*E*(1-E)))
r'   = r + q * RD'^2 * sum(g*(s - E))
```

A nan r makinsa ne, rj da RDj maki da RD na abokin wasa, r' da RD' kuma sababbin lambobinsa bayan lissafi. Lambar g nauyin shaidar abokin wasa ce. Wanda aka san ƙarfinsa da kyau, sakamakon wasa da shi shaida ce mai ƙarfi, don haka RD 60 yana ba da g na 0.982. Mai RD 200 kuwa 0.844 ne. E ita ce abin da ake sa ran ya samu a wasan, s kuma abin da ya samu a zahiri: 1 ga nasara, 0.5 ga canjaras, 0 ga faɗuwa.

Abin da aka sa rai a wasanni huɗun shi ne 0.700, 0.570, 0.430 da 0.771, jimilla kusan 2.47. Ya samu 1.5. Idan aka ninka kowane bambanci da nauyinsa, na farko ya ba da -0.688, na biyu -0.560, canjaras da wanda ya fi shi +0.069, nasarar kuma +0.193. Jimilla -0.986. Wato ya gaza da kwatankwacin wasa ɗaya cur.

Sauran aikin shi ne a san farashin wasa ɗayan nan. Wasanni huɗun sun sauko da RD daga 155 zuwa 121. Idan aka ninka 121 da kansa sannan da q, ana samun kusan 84. Wannan 84 ɗin yana yin aikin da K, lambar da ke tsayar da farashin wasa ɗaya, ke yi a Elo, sai dai shi ba kafaffe ba ne. A ninka 84 da -0.986, a samu -83, makin ya tsaya a 1767.

Yanzu a ɗauki wani mai 1850 da bai taɓa fashi ba, ya shigo watan da RD 61, ya buga da waɗannan mutane huɗu, ya sami sakamako iri ɗaya sak. Gazawarsa -0.986 ce ita ma. Amma farashin wasa ɗaya a wurinsa 19 ne, don haka 1831 zai koma. Tunanin mai ƙorafin daidai ne: a da maki 20 ne. Abin da ya canza ba tsananin hukunci ba ne, nauyin tsohuwar shaida ne. Wanda ke buga wasa kowane mako yana da tulin sabuwar shaida da wasa huɗu ba za su ture ba. Shi kuwa mai dawowa shaidarsa ta tsufa, sai wasa huɗun suka ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na magana. Da sakamakon ya juya ya zarce abin da aka sa rai da wasa ɗaya, da maki 84 ɗin ƙari zai samu, kuma da wuya a ji ƙorafi.

Inda sauran makin suka tafi

Ba su tafi ko'ina ba, domin a Glicko ba a cire maki daga aljihun wani a sa wa wani. Kowa da lissafinsa. Mai 1700 ɗin yana da RD 60, makinsa a zaune yake, farashin wasa ɗaya a wurinsa kusan 20 ne. Bugu da ƙari, wanda ya doke ɗin RD 155 gare shi, g ɗinsa 0.897, wato tsarin ba shi da tabbacin cewa mai 1850 na gaskiya aka doke. Wasan shi kaɗai ya ba shi maki 12. Da mai dawowan yana da RD 50, da 14 zai samu. A ɗaya ɓangaren, da wannan faɗuwar ce kaɗai wasan da mai dawowa ya buga a watan, da ita kaɗai ta ci masa 82.

Rashin daidaiton nan da gangan ne, kuma kariya ce ga masu zuwa kullum. Wanda aka haɗa da mutumin da ba a san halin da ya dawo da shi ba, bai kamata makinsa ya yi tsalle saboda wannan haɗuwar ba, ko sama ko ƙasa.

Lambar c ita ce gaskiyar maganar

Har zuwa nan lissafi ya wanke tsarin. Amma akwai inda mai ƙorafin ke da hujjar da bai san yana da ita ba. Lambar 83 ta dogara kacokan a kan 34.6, ita kuma 34.6 daga misali aka kwafo ta, ba daga wasannin kulob ɗin ba. Da c 15 ce, RD zai tsaya a 81 bayan wata 18, asarar ta zama 32. Da c 63.2 ce, wato ana ɗaukar mutum baƙo bayan zango 30, RD zai kai 273, asarar ta zama 142. Wasa iri ɗaya, mutum ɗaya, amsa uku. Duk kulob ɗin da bai gwada c ɗinsa da rajistarsa ba, ba zai iya cewa wacce ce daidai ba.

Gwajin ba shi da wuya idan rajista ta kai 'yan shekaru. A tattara duk waɗanda suka yi fashin da ya kai shekara sannan suka dawo suka buga aƙalla wasa 20. Ga kowane ɗaya, a lissafa sabon maki daga wasannin bayan dawowa kaɗai, a fara shi da RD 350 kamar baƙo. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci: idan aka yi amfani da makin da tsarin ya riga ya ba shi, tsohon makin yana jan sa baya, sai bambancin ya fito ƙarami, a ɗauka c ta yi yawa alhali ba haka ba ne. Sai a duba tazarar da ke tsakanin makin tafiya da wannan sabon makin.

A nan sai an yi hattara da hayaniyar awo. Wasa 20 daga RD 350 suna sauko da shi zuwa kusan 84 ne kawai. Idan aka haɗa wannan da 50 na lokacin tafiya, ko mutumin da ƙarfinsa bai motsa ba ko kaɗan zai nuna warwatsuwar kusan maki 98. Idan c ta 34.6 gaskiya ce, fashin wata 18 zai kai warwatsuwar kusan 177. Saboda haka idan abin da aka gani a rajista ya tsaya wajen 110 ko 120, c ta yi girma, ana girgiza makin masu dawowa fiye da ƙima. Idan ya zarce 200, ta yi ƙanƙanta.

Abu na biyu da za a duba shi ne alkiblar bambancin. Glicko yana ɗauka cewa masu hawa da masu sauka za su yi daidai. Idan rajista ta nuna manya masu dawowa kusan duk ƙasa suke yi, yara kuma da suka tafi suna shekara 12 suka dawo suna 14 kusan duk sama suke yi, to wannan ba abin da c za ta gyara ba ne. Ƙara c yana sa makin ya isa inda ya dace da sauri ne kawai, ba ya hango inda za shi. Akwai kuma tarkon tsatsa: wasannin makon farko sukan zo lokacin da hannu bai warware ba, kuma daidai lokacin ne RD ya fi girma. Ke nan wasannin da suka fi rashin wakiltar mutum su ne suka fi nauyi. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma bai kamata a ɓoye wa 'yan wasa shi ba.

Kurakuran manhaja da yadda ake gane su

Kafin a amsa ƙorafi irin wannan, a fara duba RD ɗin da manhaja ta yi amfani da shi a ranar dawowa. Ga lamarinmu 155 ya kamata a gani. Kowace lamba dabam tana nuna nata ciwon.

Idan aka ga 50 ko 61, manhajar ba ta ƙirga fashin ba. Yana faruwa ne idan lissafin ƙarshen wata yana bin waɗanda suka buga wasa kaɗai, ba ya taɓa sauran. Asarar za ta fito 13 ko 19, mai dawowan ya ji daɗi, amma idan da gaske ya yi rauni zai shafe watanni yana ɗauke da makin da ba nasa ba.

Idan aka ga 214, an ƙirga fashin sau biyu: aikin wata-wata yana ƙara RD, sannan ranar dawowa aka sake ƙarawa daga kwanan wasansa na ƙarshe. Asarar za ta zama 117. Idan kuma aka ga 350 cif, mai yiwuwa an ƙirga t da kwanaki alhali c ta wata ce. Wata 18 ya haura kwana 540, lissafin ya bugi rufi, asarar ta zama 163. Alamar wannan kuskuren a fili take: duk wanda ya yi fashin da ya wuce kwana 100 zai dawo da 350.

Akwai wani da ya fi ɓoyuwa, wanda ke zuwa lokacin ƙaura zuwa Glicko-2, sabon samfurin tsarin. A can babu c. Kowane ɗan wasa yana da lamba ta uku, sigma, wadda ke auna yadda ƙarfinsa ke tangal-tangal, kuma ita ke ƙara shakka a kowane zango. Ana yawan fara ta da 0.06. A ma'aunin maki, ana ninka ta da 173.7178, ta ba da kusan 10.4 a kowane zango. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin uku na 34.6 ba. Idan kulob ya ƙaura ya bar zango a wata guda, ɗan wasanmu zai dawo da RD 67 ba 155 ba, kuma sai an shafe zango sama da 1,100 kafin ya kai 350. Babu layin da aka rubuta ba daidai ba a manhajar, amma tsarin ya kusa daina mantuwa. Sigma ɗin kuma ba ta motsi lokacin fashi, domin sai da wasa ake sabunta ta. Tsawon zango da girman sigma tare ake zaɓar su.

Yaushe zai koma yadda yake

Wata na biyu zai fara da RD 126, domin an ƙara masa shakkar wata guda a kan 121. Idan ya ci gaba da wasa huɗu a wata da mutane irin waɗannan, ƙarshen wata na biyu zai kai 106, na uku 97, na huɗu 91, na biyar 87. Saukar tana raguwa, kuma a ƙarshe za ta tsaya wajen 78. Ba zai sake ganin 50 ba. Kowane wata yana zuba shakkar 1200, wasa huɗu kuma iyakar abin da suke iya kwashewa ke nan. Riƙe RD 50 da wannan c yana bukatar kusan wasa 20 a wata.

Wannan ya fi damun wanda ba dawowa ya yi ba, shi dai ba ya yawan zuwa ne. A ɗauki mai fitowa sau ɗaya a shekara, gasar wasa biyar. Zai riƙa shiga gasar da RD kusan 171 ya fita da kusan 122, shekara bayan shekara. Shafin wasan ces na intanet Lichess, wanda ke amfani da Glicko-2, yana sa alamar tambaya a gaban makin duk wanda RD ɗinsa ya haura 110, wato makin na wucin gadi ne. Kulob ɗin da ya aro wannan iyakar ya ɗora a kan c ta 34.6 ya yanke wa irin wannan mutumin hukuncin zama na wucin gadi har abada, ko da ya shekara goma yana zuwa. Iyakar ta dace a fitar da ita daga yawan wasannin da 'yan kulob ke bugawa a zahiri.

Hukuncin lamarin

RD ɗin da ke rajista 155 ne, saboda haka babu kuskuren manhaja, 1767 ta tsaya. Amma ba a buga ta ita kaɗai ba. Jadawali ya kamata ya nuna 1767 tare da RD 121, wato tsakanin 1525 da 2009, domin kowa ya ga cewa tsohon makinsa na 1850 yana nan cikin iyaka, bai ma kai nisan RD ɗaya daga sabon ba.

Saura batun rukuni. Idan kulob yana da gasa mai kyauta ta 'yan ƙasa da 1800, a takarda ya cancanci shiga yanzu. Bai kamata a bar shi ba tukuna, ba don ana zarginsa ba, sai don ƙofar da hakan ke buɗewa: faɗuwa ɗaya tak bayan dogon fashi tana sauke maki 82, kuma duk mai son kyautar ƙaramin rukuni zai gane hakan. Ƙa'idar da ta fi tsafta ita ce mai dawowa ya zauna a rukunin tsohon makinsa har RD ya sauko ƙasa da 100, wanda a lamarinsa ƙarshen wata na uku ne. Wajen haɗa wa zai buga da wa kuwa, 1767 ɗin za a bi, kuma a fi haɗa shi da masu ƙaramin RD da ke kusa da makinsa. Wasansa da mai 1800 ya kawo shaidar da ta kusa ninka ta wasansa da mai 1600 ɗin nan mai RD 200, 0.236 da 0.126 a lissafin, don haka irin wasan farko ne zai fi saurin sauko masa da RD.